Wa Ya Ɗaure Bawul Ɗin

Ni na ɗaure bawul ɗin da waya. Manaja ne ya ce in ɗaure. Kwana tara bayan haka bututu ya fashe, tururi ya saɓule wa Gajere fatar baya da ta hannun dama.

Masana'antarmu rinin yadi take yi, rini kuwa ba ya kamawa sai da tururi. Tururin daga tukunya ɗaya yake fitowa, ƙatuwa, tsawon babbar mota. Shekara talatin da ɗaya ni ne shugaban wannan tukunya. A samanta akwai bawul mai hannun ƙarfe. Aikinsa guda ne: in tururi ya yi yawa sai ya ɗaga, ya fitar da shi sama kafin ƙarfe ya gaji. Namu ya tsufa. Allurar agogon auna matsin tururi tana kai bakwai zai ɗaga, alhali sai goma ya kamata. Tururi na zubewa a banza, ruwan rini na hucewa, yadi na fitowa dabbare-dabbare. Sau uku na nemi sabo. Ana nan Manaja ya sauko da kansa, ya toshe kunne da yatsa saboda ƙara, ya ce, "Dattijo, ɗaure shi zuwa ƙarshen wata. Ai akwai na'urar da ke kashe wuta in matsi ya hau."

Akwai ta. Amma ranar haɗarin ta maƙale. Wuta ba ta mutu ba, bawul bai ɗaga ba, sai mahaɗin bututu ya ɓalle daidai inda Gajere yake tsaye. Shi ne ɗan wutata, mai kula mini da wutar tukunya, shekara goma sha biyu. 'Ya'yansa huɗu. Lokacin da na ɗaure wayar ya tafi cin abinci. Daga ni sai Manaja a ɗakin.

Na je asibiti. Yana kwance rub da ciki, an naɗe shi, an yi masa allurar barci. Matarsa ta gyara mini kujera ta ce, "Baba, an ce tsautsayi ne."

Na ce, "Haka aka ce."

Ban iya zama ba. Na ajiye abin da na kawo na fito.

Duk haɗarin da ya kwantar da ma'aikaci sai an kai rahotonsa ofishin masu binciken haɗurra. Akawun ofishinmu ne ya rubuta. Shafi huɗu. Ya kira ni ya karanta mini, yana jan murya kamar mai labarai a rediyo. An samu kaza. An gudanar da kaza. An lura da afkuwar kaza. Na saurara har ƙarshe ban ji mutum ko ɗaya a ciki ba. Babu ni, babu Manaja. Ko Gajere bai ƙone ba, "an samu raunuka" ne kawai.

Akawu ya ce, "Ka ji aiki, Dattijo? Ko lauya ya shiga nan ciki sai ya ɓata."

Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba. Ranar na ci abinci har na nemi ƙari.

Bayan mako guda rahoton ya dawo. Mai binciken ya bi gefen kowane shafi da jan biro. Kalmarsa kusan ɗaya ce: "Wa?" Wani wurin "Wa ya yi?" Wani wurin "Yaushe?" Wuri goma sha tara. A baya ya maƙala takarda, ya ce a sake rubutawa, kowace jimla ta faɗi wanda ya yi da abin da ya yi. Zai zo ran Alhamis da ƙarfe biyu, kuma duk wanda sunansa ya fito zai sa hannu a gabansa.

Na tambayi Akawu, "In aka samu wanda ya ɗaure fa?"

Ya duba ƙofa, ya rage murya. "Wanda ya hana na'urar kariya aiki da sani, kotu ce. A karɓe takardar shaidarsa ta aiki. In rauni ya yi tsanani, har gidan yari. In kuma mutumin ya cika..." Bai ƙarasa ba.

Washegari Akawu ya aiko cewa ciwon ciki ya kwantar da shi. Maigadin ƙofa ya ce, "Ciwon cikin nan sai ran Juma'a zai warke, ka rubuta ka ajiye." Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Motar 'yan sanda ta wuce a titi, na yi maza na shige ciki. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ran Alhamis da safe aka ce ana kirana a ofis. Na hau bene. Ɗaki ne ƙarami, tebur biyu, fanka mai ƙara, agogon bango. Autata ce zaune a gaban kwamfuta. Shekara biyu ke nan tana buga takardu a ofishin, ni na roƙa mata aikin. Da Akawu ya kwanta, ita Manaja ya miƙa wa rahoton.

Ta tashi ta ba ni kujera. "Baba, ka yi haƙuri na taso ka. Ba zan iya cike wannan abu ni kaɗai ba. Mai binciken nan sunaye yake so, ni kuwa ba na ɗakin tukunya. Ka zo da littafin aiki?"

Na ajiye littafin a tebur. Ba ta san komai ba. A gida ma ban faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarta.

Ta karanta jimlar farko da aka yi wa ja. "An gudanar da aikin kunna tukunya da misalin ƙarfe shida ta hannun ma'aikacin da ke bakin aiki." Ta yi tsaki. "Ka ga, Baba, abin da aka yi a nan guda ne, kunnawa. Sauran duk kaya ne aka jibga masa. Sai in sauke kayan, in nemo mai aikin in sa shi gaba. Wa ya kunna?"

"Gajere."

"Ƙarfe nawa?"

Na buɗe littafi na nuna mata da yatsa. Shida da minti goma.

Ta buga da cikakken sunansa: ya kunna tukunya da ƙarfe shida da minti goma. Layi biyu ya koma rabin layi.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan. Akawu da za a biya shi da tsawon magana, da tuni ya gina bene."

Muka ci gaba. "An gudanar da duba yawan ruwa" ya koma Gajere ya duba ruwa. "An samu afkuwar rashin katsewar wuta" ya koma na'ura ba ta kashe wuta ba. Ta ce wani lokacin mai aikin ba mutum ba ne, ƙarfe ne, shi ma sai a faɗe shi. Da muka zo inda aka ce an kafa tukunyar shekara talatin da huɗu da suka wuce, sai ta tsallake.

Na ce, "Kin bar wannan."

"Bai sa ja a nan ba. Ba ruwan kowa da wanda ya kafa ta, wataƙila ma ya mutu. Ba kowace 'an' yake faɗa da ita ba, Baba. Inda mutum ya laɓe a bayanta, nan yake sa biro."

Na dubi agogon bango. Sha ɗaya saura. Fanka na juyawa, amma rigata ta manne mini a baya.

Shafi na biyu ta karanta, "An samu jinkiri wajen samar da sabon bawul duk da gabatar da buƙatar hakan da aka yi." Ta ce, "Wannan jimla mutum biyu ta haɗiye. Akwai mai nema, akwai wanda bai kawo ba. Wa ya nema?"

"Ni. Sau uku."

Ta juya littafi har ta samu ranakun. Ta buga cewa shugaban tukunya ya nemi sabon bawul sau uku, ta jera kwanan wata. Ta buga cewa ofishin saye-saye bai sayo ba. Ta juyo tana murmushi. "Ka ga? Wannan ya wanke ka tas. Akawu ya ɓoye har alherinka."

Na san abin da ke shafi na uku. Tun ranar da aka karanta mini nake jin sa a kunne.

Ta juya shafin. Jan biro ya fi yawa a nan, har ya huda takarda wuri ɗaya. Ta karanta a hankali. "An samu yanayi na taƙaita aikin bawul ɗin kariya ta hanyar amfani da waya, bisa shawarar da aka bayar." Ta sake karantawa. "Taƙaita aiki da waya. Wato ɗaure shi aka yi?"

"Ɗaure shi aka yi."

"Subhanallahi. Wane marar imani ne wannan?" Ta ɗora yatsu a kan maɓallai. "Tambaya biyu ya yi a nan. Wa ya ɗaure, wa ya ba da shawara. Mu fara da ta farko. Wa ya ɗaure, Baba?"

Na jawo littafin aikin gabana, na rufe shi.

"Baba?"

"Ni."

Ba ta juyo ba. Can ta ce, "Wa ya ce ka ɗaure?"

"Manaja."

"A rubuce?"

"Da baki."

"Wa ya ji?"

"Tukunya."

Ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta zauna. Ta buga wani abu da sauri, ta karanta mini. "Ma'aikatan sashen tukunya sun ɗaure bawul ɗin."

Na ce, "Mu biyu ne a sashen. Ɗaya yana asibiti."

Ta goge. Ta sake bugawa. "Bincike bai gano wanda ya ɗaure ba."

Na ce, "Waye Bincike?"

Ta rufe fuska da tafin hannu. "Haka zai tambaya. Wallahi haka zai tambaya." Ta goge wannan ma. Wurin ya zauna fari, ɗan layin nan yana ƙiftawa yana jiran suna.

"Baba, gidan yari ne fa. Da hawan jininka. Me zan ce wa Umma?"

Na taɓa kai wa wani maƙwabci abinci a gidan yari. Na tuna warin wurin, da yadda aka tsugunar da dattawa a layi, yaro sa'an jikansu yana daka musu tsawa.

Aka murɗa ƙofa ba sallama. Manaja ne. Mutum ne mai tsabta, kullum da turare, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya zaga bayan kujerarta ya karanta abin da ke fuskar kwamfuta tun daga sama. Ya daɗe a kan maganar ofishin saye-saye. Sannan ya ga farin wurin.

"Kun iso ke nan," ya ce. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, gwiwa da gwiwa. "Dattijo, ni da kai ba mu taɓa saɓawa ba. Mutumin nan suna yake so. To, mu ba shi suna. 'Yata, rubuta: ɗan wuta ya ɗaure bawul ɗin da waya. Gajeriyar jimla, ga mai aiki, ga aiki. Ba abin da ya nema ke nan ba?"

Auta ta ce, "Yallaɓai, ba shi ba ne."

"Na tambaye ki?" Ya juyo gare ni. "Ka yi tunani. Wa zai kai mutumin da ke kwance rub da ciki kotu? Ba wanda zai taɓa shi. Ya riga ya sha wahalarsa. Za mu kula da iyalinsa, ni na yi alkawari. Kai kuwa ka ƙarasa aikinka da mutuncinka, ka koma gida ka yi wasa da jikoki. In ya tashi ma, me zai tuna?"

Maganar ta shige ni. Ƙarya ce in ce ba ta shige ni ba. Na ga hanya a buɗe, ga iska, ga gida. Na buɗe baki in ce ta rubuta.

Auta ta ce, "In na rubuta haka, Baba zai sa hannu a ƙasa. Kuma za a karanta wa matarsa."

Rahoton Akawu zan iya jin ana karanta shi a gaban kowa, domin bai ce komai ba. Wannan kuwa ya ce wani abu. Ya ce Gajere, da sunansa da na ubansa. Yaransa za su girma su ji cewa ubansu ne ya ƙona kansa da ganganci, kuma sa hannuna na ƙasa.

Na ce, "Gajere ya tafi cin abinci. Auta, sa sunana."

Ta dube ni. Na ce, "Sa."

Ta buga. Sau biyu yatsanta yana kuskure harafi. Ta karanta da wata murya da ban san ta da ita ba: shugaban tukunya, sunana cikakke, ya ɗaure hannun bawul ɗin da waya ranar kaza. Na ji kamar an zare mini ƙashin baya. Ban taɓa jin gajeriyar magana mai nauyin wannan ba.

Manaja ya numfasa. "To. Kai ka zaɓa. Namiji ne kai, ban musa ba. Za mu samo maka lauya." Ya miƙe, ya gyara hannun riga. "Saura ɗayar. Shawarar nan, a cire ta gaba ɗaya."

Auta ta nuna masa takardar. "Yallaɓai, ya ja layi a ƙarƙashinta. Ya rubuta wa ya bayar. In ta ɓace zai neme ta."

"To rubuta cewa shugaban tukunya ya yanke shawarar da kansa."

Ta juya ta yi bugu, ɗan kaɗan. Ni ba na iya karanta rubutun kwamfuta daga nesa, amma na karanta fuskar Manaja.

"Karanta wa mahaifinki abin da kika rubuta," ya ce.

Ta karanta. "Manajan masana'anta ya umarci shugaban tukunya da ya ɗaure bawul ɗin zuwa ƙarshen wata."

"Kina da shaida?"

"Baba ya faɗa."

"Baba ya faɗa." Ya yi 'yar dariya. "Wannan ofis ne, yarinya, ba tsakar gida ba. Maganarsa da tawa za a auna. Shi ya riƙe waya, ni ban taɓa ta ba. Ba abin da layin nan zai rage masa."

"Zai rage, Yallaɓai. Wanda aka umarta daban, wanda ya yi gaban kansa daban. Shi ya sa ya yi tambaya biyu."

Manaja bai ƙara kallon ta ba. Ni ya kalla. Ya yi magana a hankali, kamar mai ba da shawarar arziki. "Dattijo, kai ka zo har ofishina ka roƙa mata wannan kujera. Mijinta ba shi da aiki, na sani. Goyo gare ta. Kai ka riga ka shiga ruwa. Kana so ka ja ta? Masana'antu nawa ne a garin nan, kuma wane manaja ne ban sani ba?"

Agogo ya nuna biyu saura minti goma. Ta taga na ga maigadi yana buɗe babbar ƙofa. Wata farar mota ta shigo, ta tsaya a inuwa. Wani siririn mutum ya fito da jaka, ya tsaya yana duban bututun hayaƙinmu, ba ya sauri.

Tsoron da na ji wa kaina duk makon nan wasa ne a kan wanda na ji yanzu. Ni tsoho ne, na ci zamanina. Ita kuwa yanzu ta fara. Na ɗauki kayan da ya fi wannan, zan iya ɗaukar na Manaja a kan nawa.

Na ce, "Auta, goge."

"Baba, in na goge kai kaɗai ne a ciki. Kai ka ɗaure, kai ka yanke shawara. Ba sauran kowa."

"Na ji. Goge."

"Ƙarya ce kuma. Yanzu ka hana a yi wa Gajere."

"Wannan kaina zan yi wa. Kaina nawa ne."

"Hannuna kuma nawa ne, Baba."

Tun tana rarrafe ba ta taɓa mayar mini da magana ba. Yayyenta maza ma ba sa yi. Na miƙe tsaye. Na dafa tebur.

Muka ji takalmi a matattakala, ɗaya bayan ɗaya, da muryar maigadi yana cewa nan ne, ranka ya daɗe, ƙofa ta biyu. Manaja ya miƙa hannu zai jawo maɓallan gabansa. Ta riga shi danna maɓallin fitar da takarda, ta kife hannayenta biyu a kai. Injin buga takarda da ke kusurwa ya yi ƙara, ya fara turo shafin farko.

Na sa muryar da nake sawa a gida in magana ta ƙare.

"Ni na haife ki. Na ce ki goge layin nan, ki rubuta abin da Yallaɓai ya ce."

Hawaye na zuba mata har haɓa, ba ta share ba. Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ta ce, "A'a, Baba. Ba zan goge ba."